Riba miliyan 48 a takarda, miliyan 4 a banki: ina kuɗin Alhaji suka shiga?

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah manyanmu a taimaka min, kwana biyu ke nan ina kan abu ɗaya. Ina riƙe da littattafan wani ƙaramin kamfanin gyaran shinkafa a nan Kano, shekararmu tana rufewa 31 ga Disamba. Mun fitar da riba miliyan 48 kafin haraji. Da na kai wa Alhaji takardar sai ya buɗe wayarsa ya nuna min abin da ke banki, miliyan 4, alhali mun shiga shekarar da miliyan 33. Ya ce in nuna masa inda kuɗinsa suka shiga. Na zauna in haɗa bayanin shige da ficen kuɗi ta hanyar zagaye, wato in faro daga riba in gangaro zuwa tsabar kuɗi, amma ya ƙi haɗuwa. Ga abin da na yi, duk a miliyan:

```
Riba kafin haraji            48
Ragin tsufan kadara         +12
Kaya a sito (30 zuwa 65)    -35
Bashin da muke bi (22-41)   -19
Bashin da ake binmu (17-37) +20
Haraji                      -14
Kuɗin harkar yau da kullum   12
```

A ɓangaren kadara mun sayar da tsohuwar mota 10, mun sayi injin tantance shinkafa 40, ya zama -30. A ɓangaren rance da jari mun biya uwar bashin banki 10, Alhaji ya ɗauki rabon riba 5, ya zama -15. Jimla -33. Amma abin da ya ragu a banki 29 ne. Miliyan 4 sun tsaya min a wuya.

Sagir: Wa alaikumus salam. Nawa ne darajar motar a littafi ranar da kuka sayar?

Nafi'u: An saye ta 20, an rage mata 14 a tsawon shekaru, saura 6.

Sagir: Shi ke nan an gama! Kun sayar 10, darajarta 6, ribar mota 4. Ga miliyan huɗunka nan. Wannan ribar tana cikin 48 ɗinka, kuma ka sake saka 10 ɗin gaba ɗaya a ɓangaren kadara, ka ga ka ƙirga 4 sau biyu. Cire ta a sama za ka ga ya haɗu. Irin wannan tambayar muka sha yi lokacin shirin jarrabawar ICAN ta ƙwararrun akantoci.

Nafi'u: Na cire, Malam Sagir. Abin ya ƙara lalacewa. Yanzu jimlata -37, banki kuma -29. Gibin ya koma 8.

Sagir: Ikon Allah. To ko ƙarawa ake yi? A'a, na tabbata cirewa ake yi.

Hajiya Binta: Cirewa ake yi, Sagir, kada ka ja da baya, maganarka daidai ce. Inda ka yi gaggawa shi ne da ka ga 4 a nan, ka ga 4 a can, ka ɗauka su ne. Ba ka duba ɓangaren da gibin ya karkata ba. Lissafin Nafi'u na farko cewa yake kuɗi sun fita 33, banki ya ce 29 ne suka fita, wato ya fitar da kuɗi fiye da kima. Mantuwar ribar mota kuwa akasin haka take yi, ƙara kuɗi take yi a lissafi. Don haka tun farko ba za ta zama maganin gibin ba, sai ma dai ta rufe rabinsa. Gibin gaskiya 8 ne, kuskuren motar ya ɓoye 4 daga ciki.

Nafi'u ɗana, amsa min biyu. 14 ɗin nan na haraji, ka ga ranar da suka fita daga banki ko kuwa daga takardar riba da asara ka kwaso su? Sannan kuɗin ruwan rancen nan, nawa aka rubuta, nawa aka biya?

Nafi'u: Hajiya, daga takardar riba da asara na ɗauko. Bari in duba leja.

Malam Ɗanjuma: Kafin ya dawo, ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Shagona na kayan masarufi shekara goma sha ɗaya ke nan, kullum da daddare ina ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita, abin da ya rage shi ne nawa. In takarda ta ce 48 banki ya ce 4, ai ba lissafi ake nema ba, yaran sito ake bincika. Ni an taɓa yi min haka, wani yaro da na amince masa ya riƙa zare katan-katan na madara wata shida ban sani ba.

Hajiya Binta: Allah ya mayar maka da alheri, Malam Ɗanjuma. Sata tana faruwa, ba na musu. Amma bari in tambaye ka. In a daren yau ka ɗauki duk cinikin watan nan ka saro suga buhu ɗari ka jibge a shago, aljihunka ya koma wayam, za ka ce watan nan ba ka ci riba ba?

Malam Ɗanjuma: A'a, ai ribar tana cikin sugan.

Hajiya Binta: To abin da yaron nan yake ƙoƙarin nuna wa ubangidansa ke nan, layi bayan layi. Nawa ne ya shiga shanshera, nawa ke hannun masu karɓar kaya bashi, nawa ya tafi inji. Sai an gama wannan tukuna, in akwai abin da ba a ga mashigarsa ba, sannan a fara maganar yaran sito. In aka fara da zargi ana iya ɓata wa bayin Allah suna a banza.

Nafi'u: Na duba. Harajin da muka biya a shekarar 8 ne, na bara ne da muka shigo da bashinsa. 14 ɗin na bana ne, ba mu biya ba tukuna. Kuɗin ruwa kuma an rubuta 9, an biya 7, sauran 2 na watannin ƙarshe suna nan a wani layi daban a cikin basussuka. Ban taɓa wannan layin ba sam.

Hajiya Binta: To ga takwas ɗinka. A haraji ka fitar da 14 alhali 8 suka fita, ka yi wa kanka ƙwauron 6. A ruwa kuma ka bar 9 a cikin riba kamar an biya duka, alhali 7 aka biya, saura 2. Shida da biyu.

Yadda za ka riƙa kama irin wannan ba tare da ka jira sitatimen ba: ka ɗauki bashin harajin da aka shigo da shi, ka ƙara wanda aka rubuta bana, ka cire wanda ya rage a ƙarshen shekara. 8 da 14 sun zama 22, a cire 14, saura 8. Abin da ya fita ke nan, kuma dole ya dace da rasit ɗin da ke fayil. In bai dace ba akwai abin da aka zuba a wannan asusun wanda ba nasa ba ne. Ruwa ma haka, ba a shigo da komai ba, an rubuta 9, saura 2, an biya 7.

Wajen tsarawa, ka fara mayar da 9 ɗin gaba ɗaya a sama tare da ragin tsufa, sannan can ƙasa ka cire 7 da aka biya a layinsa. Wasu suna ganin zagaye ne kawai, su ce me zai hana a ƙara 2 a wuce. Jimla ɗaya za ta bayar, amma IAS 7, wato ma'aunin duniya na tsara bayanin shige da ficen kuɗi, yana son a ga kuɗin ruwan da aka biya a fili da harajin da aka biya a fili, kuma mai karatu yana son ya ga abin da sana'ar ta samar kafin banki da hukumar haraji su ɗauki nasu.

Nafi'u: Alhamdu lillahi! Ya haɗu! 48 da 12 da 9, a cire 4, 65. A cire 35 da 19, a ƙara 20, 31. A cire 7 da 8, 16. Sai -30 da -15, jimla -29, daidai da banki. Hajiya Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Gobe da safe zan kai wa Alhaji.

Hajiya Binta: Amin. Amma dakata, kada ka kai tukuna. Haɗuwar da ya yi ta nuna cewa ba ka bar wani layi a baya ba, ita ke nan. Ba ta nuna cewa kowane kuɗi yana ɗakinsa ba. Akwai abin da ya tsaya min tun saƙonka na farko. Bashin da ake binku ya tashi daga 17 zuwa 37 cikin shekara ɗaya, ya fi ninki. Ni na san masu kawo shanshera daga su Kura da Haɗeja ba mutane ne masu barin kuɗinsu su daɗe a hannun kowa ba. Buɗe min 37 ɗin nan, su waye a ciki?

Sagir: Hajiya ai in ya haɗu ya haɗu. A jarrabawa da zarar ka ga jimlar ƙasa ta dace da bambancin kuɗin banki ka san ka tsira.

Hajiya Binta: A jarrabawa ma maki na kowane layi ne, Sagir. Bari ya duba mu gani.

Nafi'u: Masu shanshera da masu buhu da mai dizal duka 24. Sauran 13 na kamfanin da ya kawo mana injin ne. Mun ba su 27, saura 13 za a biya a watan Maris.

Hajiya Binta: Abin da nake tsoro ke nan. Ka rubuta cewa inji ya ci 40 a ɓangaren kadara, alhali 27 ne suka bar banki. Sauran 13 ɗin da ba su fita ba kuma sun shigo maka ta bayan gida a matsayin ƙarin bashin da ake binku, suka kumbura kuɗin harkar yau da kullum. An ƙara 13 a sama, an rage 13 a ƙasa, sun cinye juna, shi ya sa jimla ba ta yi ƙara ba. Irin wannan kuskuren ba ya nuna kansa, sai wanda ya buɗe asusun ya karanta sunaye.

Dalilin da ya sa muke ƙara hauhawar bashin da ake binmu shi ne: an cire kuɗin shanshera da dizal a cikin riba, ko kuma suna cikin kayan sito da muka cire, amma ba mu biya ba tukuna, don haka muke mayarwa. Inji kuwa bai bi ta cikin riba ba, bai bi ta sito ba. Ba a cire shi a sama ba balle a mayar da shi. Ga yadda zai zauna:

```
Riba kafin haraji            48
Ragin tsufan kadara         +12
Ribar sayar da mota          -4
Kuɗin ruwa da aka rubuta     +9
                             65
Kaya a sito                 -35
Bashin da muke bi           -19
Bashin masu kaya (17-24)     +7
                             18
Ruwa da aka biya             -7
Haraji da aka biya           -8
Kuɗin harkar yau da kullum    3
```

Ɓangaren kadara ya koma 10 a cire 27, wato -17. Na rance yana nan -15. Uku, a cire 17, a cire 15, -29. Jimla ba ta motsa ba, amma labarin ya canza gaba ɗaya. Da 16 za ka ce wa Alhaji sana'arsa ta biya rancen banki da rabon ribarsa har da ɗan canji. Da 3 kuwa gaskiyar ita ce ajiyar bara aka ci aka yi waɗannan duka. Kuma 13 ɗin ba ɓacewa za su yi ba, sakin layi na 43 na IAS 7 ya ce irin wannan ciniki da ba kuɗi a ciki a fitar da shi daga jikin bayanin a ambace shi a ƙarin bayani. Baɗi in an biya sai su fito a ɓangaren kadara.

Nafi'u: Wallahi jikina ya yi sanyi. Da na kai masa 16.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar da tsarin lissafi na SYSCOHADA muke aiki, kuma tun 1 ga Janairun 2018 aka ajiye tsohon teburin da muke kira TAFIRE aka koma teburin shige da ficen kuɗi mai kashi uku irin naku. Wannan matsala ta inji mu tun wajen rubutu ake tare ta, don lambobin asusu a ƙayyade suke. Mai kawo haja yana 401, mai kawo kadara yana 481. In komi ya shiga lambarsa, bashin inji ba ya haɗuwa da bashin masu kaya. Ba wai ba a kuskure ba, na sha ganin an zuba duka cikin 401 don sauri. Amma shawarata ga Nafi'u ya buɗe asusu daban na masu bin kuɗin kadara tun yau, kada ya jira ƙarshen shekara.

Hajiya Binta: Madalla Malam Isuhu. Mu a nan kowane kamfani shi yake tsara lambobinsa, shi ya sa abin yake yawan faruwa. Nafi'u ka ɗauki wannan shawarar.

Malam Habu: Ni tambayata a kan 12 ɗin nan ce ta ragin tsufa. Shekara talatin ina riƙe littafi, mu yadda aka koya mana shi ne wannan kuɗi ne da kamfani yake warewa don sayen sabon inji in tsohon ya mutu. Tun da ga shi ana ƙara shi a kan riba, ashe kuɗi ne da ya shigo. To me ya sa ba za a ƙara yawansa ba, a rubuta 20 maimakon 12, kuɗin harka su ƙaru?

Sagir: Baba Habu, a gwada mana. In ka mayar da shi 20, ribar za ta sauka da 8 ta koma 40. Arba'in da ashirin sittin. Da can 48 da 12, sittin. Ba abin da ya motsa.

Hajiya Binta: Sagir ya faɗa daidai. Malam Habu, kuɗin injin sun fita tun ranar da aka biya shi. Abin da ake yi duk shekara rabon wannan tsohon kashin ne a kan shekarun da injin zai yi aiki, alƙalami ne kawai, ba a zuwa banki. Da muka faro daga riba, mun faro ne daga adadin da aka riga aka cire masa 12 da ba su fita ba, shi ya sa muke mayarwa. Ba wani asusu da ake tara su. In Alhaji yana son kuɗin sabon inji sai ya ware da hannunsa.

Malam Habu: Na ji lissafin, ba ni da ja. Amma ni har yanzu ina ganin hikimar magabata a ciki. In ba a cire 12 ɗin nan ba mai kamfani zai ga riba 60 ya kwashe, ranar da inji ya tsaya a rasa na gyara. Cirewar tana hana shi.

Hajiya Binta: Wannan kam gaskiya ne, tana rage abin da za a ce a raba. Sai dai kuɗin da ta tsare ɗin ba sa zama a banki suna jira, ga shi a wannan kamfanin sun tafi sito.

Nafi'u: Wata tambaya kuma, Hajiya. A cikin kashe-kashenmu akwai miliyan 3 da muka ware saboda wani dila da muke shakkar zai biya. Shi ma ai ba kuɗi ne suka fita ba. In mayar da shi kamar ragin tsufa?

Sagir: Eh, duk abin da ba kuɗi ba ne ana mayarwa.

Hajiya Binta: Da sharaɗi. 41 ɗin da ka ba mu, kafin a cire 3 ne ko bayan an cire?

Nafi'u: Bayan an cire. Asalin abin da muke bi 44 ne. Bara ba mu ware komai ba.

Hajiya Binta: To ka riga ka mayar ba ka sani ba. Bashin ya hau da 22 ne a zahiri, daga 22 zuwa 44. Ko dai ka rubuta -22 sannan ka mayar da 3, ko ka rubuta -19 ka yi shiru. Duka biyun -19 ne. In ka rubuta -19 kuma ka ƙara 3, ka ƙirƙiro miliyan 3 da babu su, kuma wannan karon jimla za ta tona maka asiri. Ni na fi son a nuna 22 da 3 daban, don mai karatu ya ga an fara shakkar masu bashi.

Rukayya: Sannunku da ƙoƙari. Ni a sashen ba da rance nake aiki a wani banki, kuma irin wannan takardar ita nake fara buɗewa kafin takardar riba. In aka kawo min wannan, abin da zan gani shi ne 65 sun koma 18 tun kafin a biya ruwa da haraji. Miliyan 47 sun nutse a sito da hannun diloli. Sannan baɗi akwai haraji 14, inji 13, ruwa 2, ga kason rance, kuma 4 ce a banki. Ni wannan kamfani yana cikin hatsari. Nafi'u, nawa ne cinikinku bara da bana?

Nafi'u: Bara 360, bana 400, Anti.

Rukayya: Ka gani. Ciniki ya ƙaru da kashi 11 cikin ɗari, bashin da kuke bi ya ninka, daga 22 zuwa 44. Ko dai kuna sayar wa mutanen da ba sa biya don ciniki ya yi kyau a takarda, ko kuma an saki diloli ba mai bin su.

Malam Habu: 'Yata, a kan diloli ina tare da ke. Amma a kan sito ban yarda ba. Kin san me ake ciki a Disamba? Kaka ce, shanshera tana da araha, duk mai injin da ya san abin da yake yi a lokacin yake kwashe kuɗinsa ya cika sito. Wanda ya bar miliyan 35 a banki a Disamba don takarda ta yi kyau, zai sayi shanshera da tsada a Yuni. Ranar rufe littafi ce ta faɗo a lokacin da sito ya fi cika. Da a Agusta suke rufewa da kin ga kuɗi jibge kin ce kamfani lafiya lau.

Rukayya: Baba, bara ma ai a Disamba suka rufe, kuma 30 ce a sito. Kaka da kaka muke gwadawa. Me ya sa bana 65?

Malam Habu: Sun sayi sabon inji, za su ƙara aiki, dole su ƙara shanshera. Kuma ki tambayi farashin buhu bara da bana. Zai yiwu buhunan ba su ninka ba, kuɗinsu ne ya hau.

Rukayya: In farashi ne ya hau ma ai matsalar tana nan. Ma'anarsa duk shekara sai sun zuba ƙarin kuɗi kafin su riƙe buhunan da suka saba riƙewa, kuma ribar da takarda take nunawa ba mai rabuwa ba ce.

Hajiya Binta: Ku duka biyun kuna da hujja, kuma takardar nan ba za ta raba ku ba. Iyakarta ta nuna ƙofar da kuɗi suka bi. Ko shigarsu sito dabara ce ko ganganci, sai an je an ƙirga buhu, an raba shanshera da gyararriyar shinkafa. In 65 ɗin yawancinta shanshera ce sabuwar saye, maganar Malam Habu ta yi ƙarfi. In gyararriya ce ta yi wata huɗu ba ta fita ba, Rukayya ce da gaskiya.

Sagir: Hajiya wani abu. Ruwan nan 7, a wani littafin na ga an saka shi a ɓangaren rance. In aka yi haka kuɗin harka sun zama 10 ke nan ba 3 ba. Wanne ne daidai?

Hajiya Binta: A IAS 7 yadda muka daɗe muna aiki da shi, duka biyun sun halatta, muddin kamfani ya tsaya a kan ɗaya duk shekara. Shi ya sa in za ka gwada kamfani biyu sai ka fara duba inda kowanne ya ajiye ruwansa. Amma sabon ma'aunin lissafi na IFRS 18 da aka fitar a Afrilun 2024, wanda zai fara aiki daga 1 ga Janairun 2027, ya taɓa wannan wurin. Kamfani irin na su Nafi'u, wanda ba sana'ar ba da rance yake yi ba, ruwan da ya biya zai koma ɓangaren rance, zaɓin ya ƙare. Kuma hanyar zagaye za ta riƙa farowa daga ribar harka, ba ribar kafin haraji ba, don haka mayar da 9 ɗin nan ma ba zai taso ba.

Rukayya: Ko ina aka kai shi ni sai na dawo da shi na cire. Banki ba ya jira.

Malam Ɗanjuma: Ni dai har yanzu ina ganin da an jera wa Alhajin nan abin da ya shigo da abin da ya fita kawai, da ya fi ganewa.

Hajiya Binta: Abin da kake faɗa shi ne hanyar kai-tsaye, Malam Ɗanjuma, kuma IAS 7 ɗin kansa ita yake ƙarfafa a bi. Amsa ɗaya za ta bayar, 3. Sai dai tambayar Alhaji ba nawa ya shigo ba ce, cewa ya yi ina 48 ɗina. Wannan kuwa sai an faro daga 48 ɗin an bi sawunta.

Nafi'u: Na gyara, na raba asusun injin kamar yadda Malam Isuhu ya ce. Na kuma fitar da jerin masu bashi. A cikin 44 ɗin, mutum uku ne ke riƙe da 26, kuma ɗaya daga cikinsu tun Agusta bai kawo ko sisi ba. Ba shi ne wanda muka ware wa 3 ɗin ba, wani ne daban, kuma ɗan uwan Alhaji ne. Ban san yadda zan shigar da maganar ba.

Malam Habu: Kada ka kira suna da bakinka. Ka miƙa masa jerin da kwanan wata a gefen kowane suna, ya karanta da kansa.

Rukayya: Nawa ne a hannun shi ɗan uwan? In yana da yawa, 3 ɗin da kuka ware ba za ta isa ba, kuma 48 ɗin kanta sai an sake duba ta.

Nafi'u: Miliyan 11, Anti. Gobe in sha Allahu zan shiga sito da mai kula da shi mu ƙirga buhunan kafin in ga Alhaji.